Kafin a taɓa ko fayil ɗaya: yadda ake karanta jerin da `--dry-run` ke bayarwa

Manhajojin da ke aiki a kan abubuwa da yawa a lokaci guda suna da wata ɗabi'a mai haɗari. Kana danna maɓalli sau ɗaya, su kuma su bi fayil dubu biyar ɗaya bayan ɗaya, su kwafi wannan, su danne wancan, su goge na gaba, ba tare da sun tsaya sun tambaye ka ba. Idan umarnin da ka rubuta daidai ne, ka huta. Idan kuwa akwai harafi ɗaya da ya kauce, to kuskuren ma sau dubu biyar za a maimaita shi, da irin wannan saurin.

Saboda haka ne yawancin irin waɗannan manhajoji suke da abin da zan kira zagayen gwaji, wato `--dry-run`. Manhajar za ta bi duk abubuwan da ke jiran aiki, ta yanke hukunci a kan kowanne, ta rubuto maka a allo abin da za ta yi masa, amma ba za ta sauya komai ba. A `git clean` ana kunna shi da `-n`, sai ka ga `Would remove` a gaban sunan kowane fayil. A `apt-get` ana sa `-s`, a PowerShell kuma `-WhatIf`. Zan tsaya a kan `rsync`, manhajar daidaita folda biyu da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, domin jerin da take bayarwa yana da bayani sosai, kuma kuskure a cikinta yana iya share aikin shekaru. Abin da nake so mai karatu ya fita da shi shi ne cewa zagayen gwaji ba ya kare kowa don kansa. Jeri kawai yake miƙa maka. Kariyar tana cikin iya karanta jerin, da sanin abin da jerin ba zai taɓa iya faɗa ba.

Aikin da za mu bi

A ce akwai folda mai suna `takardu` a kwamfutar aiki, ana ajiye kwafinta a wani faifai na waje da aka jona a `/mnt/ajiya`. Ana so kwafin ya zama daidai da na asali: sabon fayil a kai shi, wanda aka gyara a sabunta shi, wanda aka goge a can ma a goge shi. Foldar asali ita ce tushe, ta faifan waje kuma masauki. Ga umarnin gwajin:

```
rsync -ai --delete -n takardu/ /mnt/ajiya/takardu/
```

Harafin `a` yana cewa a shiga har cikin ƙananan folda, a kuma riƙe lokacin gyara da izini da mai fayil yadda suke. `--delete` yana cewa duk abin da ke masauki amma babu shi a tushe a kawar da shi. `-n` shi ne gajeren sunan `--dry-run`. Harafin `i` kuwa shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma in babu shi gwajin ba shi da amfani. Idan ka sa `-n` kaɗai, ba `-i` ba `-v`, rsync za ta yi lissafinta a ɓoye ta dawo maka da allo fayau, ba ta ce komai ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka shirun nan yana nufin babu abin da zai canja, alhali bai nemi a nuna masa ba ne. `-v` yana kawo sunayen fayiloli, amma `-i` ya fi shi, domin yana faɗin abin da za a yi wa kowanne da kuma dalili.

Na ware `-n` shi kaɗai da gangan, ban cusa shi cikin `-ai` ba. Idan lokacin aikin gaske ya zo, sai a dawo da umarnin da maɓallin kibiyar sama a cire waɗannan haruffa biyu kawai. Wanda ya sake rubuta umarnin daga farko ya gwada wani abu ne, ya kuma aiwatar da wani daban.

Ga irin abin da zai fito:

```
*deleting   tsohon-jadawali.ods
.d..t...... ./
>f.st...... lissafi.ods
>f+++++++++ rahoto-yuni.pdf
.f...p..... yarjejeniya.pdf
cd+++++++++ hotuna/
>f+++++++++ hotuna/taro.jpg
```

Kowane layi abu ɗaya ne da ke jiran aiki, kuma haruffa 11 na farko su ne hukuncin da aka yanke masa. Harafin farko yana faɗin irin aikin. Alamar `>` tana nufin za a kawo abin da ke cikin fayil ɗin a rubuta a masauki. Da masaukin wata kwamfuta ce ta nesa, da `<` za ka gani, wato za a tura. Harafin `c` yana nufin za a ƙirƙiri wani abu a wurin, kamar sabuwar folda. Ɗigo a farkon layi yana nufin ba za a kwafi komai ba, sai dai a gyara wasu bayanai na gefe. Harafi na biyu yana faɗin ko mene ne abin: `f` fayil, `d` folda.

Sauran gurabe tara su ne dalilai. Idan duka alamar tarawa ce, abin sabo ne, babu shi a masauki. Haka `rahoto-yuni.pdf` da foldar `hotuna` da abin da ke cikinta suke. Idan ba sabo ba ne, kowane gurbi yana da harafinsa, kuma ɗigo yana nufin wannan ɓangaren bai bambanta ba. `s` girma ne, `t` lokacin gyara na ƙarshe, `p` izini, `o` mai fayil, `g` rukuninsa. Don haka layin `yarjejeniya.pdf` yana cewa abin da ke ciki ba za a taɓa shi ba, izinin karantawa da rubutawa ne kawai ya sha bamban. Layin `./` kuma lokacin foldar kanta ne ya motsa, wanda yakan faru duk sanda aka ƙara ko aka cire wani abu a cikinta. Waɗannan biyun ba abin damuwa ba ne.

Layuka biyu ne suka cancanci a zauna a kansu.

Na farko shi ne `*deleting`. Kowa ya san ya kula da shi, amma tambayar da ya kamata a yi ita ce: me ya sa wannan fayil ba ya tushe? Galibi hanya uku ce. Ko an goge shi da niyya, ko an goge shi bisa kuskure, ko an canja masa suna ko wuri. Idan kuskure ne, kwafin da ke faifan waje shi ne kaɗai ya rage a duniya, kuma umarnin da kake shirin bayarwa shi zai ƙarasa shi. Idan canjin suna ne, rsync ba ta san da wannan ba. Ita a wurinta tsohon suna ya ɓace, sabo ya bayyana, don haka za ka ga layin gogewa ɗaya da layin alamun tarawa ɗaya. Wanda ya sake wa babbar folda suna zai ga gogewa ɗari biyar da sabbi ɗari biyar, kuma wannan daidai ne muddin adadin biyu ya yi daidai da juna. In gogewa ɗari biyar ce sabbi kuma goma, a tsaya.

Na biyu shi ne `>f.st......`, kuma a ganina ya fi na farko haɗari, saboda ba ya tsorata kowa. Ido yana wuce shi a matsayin sabuntawa. Amma abin da layin ya faɗa shi ne girma da lokaci sun bambanta tsakanin kwafi biyu, za a kuma danne na masauki da na tushe. Bai faɗi wanne ya fi sabunta ba. A ce wani ya ɗauki faifan waje ya buɗe `lissafi.ods` a wata kwamfuta ya yi aikin kwana biyu a kansa. Yanzu na masauki ne sabo, na tushe tsoho. Layin da gwaji zai nuna shi ne wannan ɗin dai, harafi ba ya canjawa, kuma aikin gaske zai ɗora tsoho a kan sabo. Dannewa ma gogewa ce, sunanta ne kawai bai fito a allo ba. Idan akwai yiwuwar an taɓa masauki, a ƙara `-u`, wanda ke sa a tsallake duk fayil ɗin da na masauki ya fi na tushe sabon lokaci. Hanya mai sauƙi ta gane ko matsalar tana nan ita ce a yi gwajin sau biyu, da `-u` da kuma babu shi. Duk sunan da ya fito a ɗaya bai fito a ɗaya ba, shi ne wanda aka gyara a can.

Alamar `/` guda ɗaya

A rsync, `takardu/` da `takardu` ba abu ɗaya ba ne. Da alamar a ƙarshe, ma'anar ita ce abin da ke cikin foldar. In babu ita, ma'anar ita ce foldar kanta da sunanta. Wannan ɗan bambanci shi ne ya fi jefa mutane cikin asara, kuma a nan ne zagayen gwaji ya fi nuna amfaninsa, domin kowane kuskure daga cikin biyun yana da kamannin da ba sa ɓuya.

Idan ka manta alamar, ka rubuta `takardu /mnt/ajiya/takardu/`, jerin zai fara da `cd+++++++++ takardu/`, sannan kowane fayil ya fito da alamun tarawa kamar ba a taɓa kwafarsa ba. Za a gina `takardu` a cikin `takardu`. Ba a rasa komai ba, wuri ne ya cike a banza. Alamar ganewa ita ce komai ya zama sabo a aikin da aka saba yi kowane mako.

Ɗaya kuskuren shi ne mai cizo. Ka sa alamar, amma ka gajarta masauki:

```
rsync -ai --delete -n takardu/ /mnt/ajiya/
```

Yanzu ka ce wa rsync ta mai da dukkan faifan ya zama hoton abin da ke cikin `takardu`. Duk wata folda da ke faifan, ta bara da ta bariya, ta wasu mutane, har da tsohon kwafin `takardu` ɗin kansa, babu su a tushe, don haka hukuncinsu gogewa ne. Gwaji zai zubo da layukan `*deleting` masu ɗauke da sunayen da ba su da alaƙa da aikinka. Sunan da ba ka gane ba a layin gogewa ya isa dalilin dakatawa.

Akwai na uku mai kama da wannan, wanda ba daga rubutun umarni yake zuwa ba. Idan tushen wani faifai ne ko ma'ajiyar cibiya da ake jonawa, ranar da jonin bai kama ba foldar tana nan, amma wayam. A idon rsync wannan tushe ne lafiyayye wanda aka goge duk abin da ke cikinsa, kuma za ta yi biyayya ta share masauki kaf. Jerin gwaji a ranar zai zama gogewa zalla daga sama har ƙasa, babu ko layin kwafi ɗaya.

Idan jerin ya fi ƙarfin ido

Layi bakwai ana karanta su. Layi dubu uku ba wanda ke karantawa, duk wanda ya ce ya karanta ya gungura ne kawai. Gaskiyar magana ita ce a nan ne yawancin gwaji ke zama al'ada marar amfani: an yi shi, rubutu ya gudu a allo, an ce to, an cire `-n`. Mafita ita ce a zuba jerin a fayil, a ƙidaya shi bisa nau'in hukunci:

```
rsync -ai --delete -n takardu/ /mnt/ajiya/takardu/ > shiri.txt
cut -c1-11 shiri.txt | sort | uniq -c
```

Umarni na biyu yana yanko haruffa 11 na farkon kowane layi, ya tara masu kama da juna, ya faɗi adadinsu. Kafin ka duba sakamakon, ka fara faɗa wa kanka abin da kake tsammani. A ce foldar tana da fayil kusan 4,000, kuma ka san a makon nan an ƙara wajen arba'in, an gyara goma sha wani abu, an goge biyu ko uku. Idan ƙidayar ta ce sabbi 38, gyararru 12, gogewa 3, labarin ya yi daidai da abin da ka sani. Sai ka ware layukan gogewa da na dannewa kaɗai, layi 15 ke nan, ka karanta su suna bayan suna. Idan kuwa ta ce gogewa 900, ba sai ka buɗe jerin ba ka san akwai matsala. Tsammanin da aka yi kafin a ga adadi shi ne ma'auni. Wanda ya fara ganin adadi yakan samo masa hujja daga baya.

Wani abin da ƙidayar ke tonowa shi ne layukan `>f..t......` masu yawan gaske, wato girma ɗaya ne, lokaci kawai ya bambanta, a fayilolin da ba wanda ya taɓa. Sau da yawa dalilin shi ne faifan waje yana kan tsarin ajiyar fayiloli na FAT, wanda ke ajiye lokacin gyara da tazarar daƙiƙa biyu biyu. Fayil ɗin da aka gyara a daƙiƙa ta 31 ba zai sami gurbinsa daidai a can ba, don haka kullum rsync tana ganin bambanci. Ana magance shi da `--modify-window=1`, wanda ke sa a yafe bambancin daƙiƙa ɗaya. Wannan ya tuna mana da yadda rsync ke yanke hukunci tun asali: girma da lokaci kawai take dubawa, ba ta buɗe fayil ta karanta. Fayil ɗin da ya lalace a masauki amma girmansa da lokacinsa ba su motsa ba, ba zai fito a jerin ba sam. Sai an sa `-c` take karanta abin da ke ciki ta kwatanta, kuma wannan yana cin lokaci ko a zagayen gwaji, tunda dole a karanta kusan komai a ɓangarorin biyu.

Abin da jerin ba zai faɗa ba

Zagayen gwaji yana amsa tambaya ɗaya: me manhajar ta yi niyyar yi? Ba ya amsa ko za ta iya. Tunda ba a rubuta komai ba, duk wata matsalar da sai an zo rubutu take bayyana tana nan a ɓoye. Jerin zai nuna sabbin fayiloli na gigabayit 40 cikin natsuwa ko da gigabayit 10 ne ya rage a faifan. Zai nuna za a rubuta a foldar da ba ka da izinin rubutu a cikinta. Zai nuna fayil mai alamar `:` a sunansa zai tafi faifan FAT, alhali tsarin ba ya karɓar irin wannan suna. Haka nan adadin bayanan da aka ce an tura, wanda ke fitowa a ƙarshe idan an sa `-v`, ba abin dogaro ba ne wajen ƙiyasta tsawon aikin, domin ba a tura abin da ke cikin fayilolin ba. Wurin da ya rage a faifai sai ka duba da kanka da `df -h`.

Iyaka ta biyu ita ce lokaci. Jerin hoton wannan daƙiƙar ne. Idan ka yi gwaji da safe ka aiwatar da yamma, rsync ba ta tuna abin da ta nuna maka ba. Za ta sake lissafi daga farko bisa abin da ta tarar a lokacin. Fayil ɗin da abokin aiki ya goge da rana bisa kuskure zai bi sahun gogewa ba tare da ka taɓa ganin sunansa ba. Wasu manhajoji sun toshe wannan ɓaraka ta hanyar ajiye shirin kansa. A Terraform, manhajar kafa sabobi da makamantansu, `terraform plan -out` yana rubuta shirin a fayil, `terraform apply` kuma ya aiwatar da wannan fayil ɗin daidai, ya kuma ƙi idan bayanan halin da aka gina shirin a kansu sun canja. A aikin rsync na yau da kullum ba haka ake yi ba, don haka sai a rage tazarar: gwaji, karatu, aiwatarwa, a zama ɗaya. In an tashi an dawo, a sake gwajin.

Tunda ɓarakar ba ta rufuwa gaba ɗaya, aikin gaske yana buƙatar nasa birki:

```
rsync -ai --delete --max-delete=10 \
  --backup --backup-dir=/mnt/ajiya/juji \
  takardu/ /mnt/ajiya/takardu/ > aiki.txt
```

`--max-delete=10` yana cewa kada a goge fiye da abu goma. Gwaji ya nuna uku, don haka goma ta bar sarari, amma ranar da tushe ya zo wayam ba za a share dubu huɗu ba. A lura da kyau: goman farko za su tafi, sauran ne ake tsallakewa, kuma rsync za ta fita da lamba 25 don sanar da cewa ta ci karo da iyakar. Shi ya sa ake haɗa shi da `--backup-dir`, wanda ke sa duk abin da za a goge ko a danne a matsar da shi wata folda maimakon ya ɓace. Kuma waɗannan ƙarin ma a sa su tun a zagayen gwaji, don umarnin ya zama ɗaya.

Bayan an gama, akwai dubawa biyu masu arha. Na farko, a kwatanta abin da aka yi alkawari da abin da aka yi: `diff shiri.txt aiki.txt`. Littafin jagorar rsync ya bayyana cewa jerin `-i` na gwaji da na aikin da ya biyo baya ya kamata su zama iri ɗaya, sai dai in wani kira ga tsarin kwamfuta ya gaza ko an yi wata dabara da gangan. Don haka duk bambancin da ya fito labari ne: ko wani abu ya canja a tsakani, ko wani rubutu ya gaza. Lambar fita tana taimakawa a nan. Sifili lafiya ke nan, 23 tana nufin wasu fayiloli ba su wuce ba saboda kuskure, 24 kuma wasu sun ɓace daga tushe ana cikin aiki. Na biyu, a sake zagayen gwajin nan take. Idan aikin ya kammala, babu sauran abin da ke jira, jerin zai fito babu ko layi ɗaya. A wannan karon shirun yana da ma'ana, tunda `-i` yana kunne.

Ba kowane gwaji ne ke tsame hannunsa ba

Dalilin da ya sa ake iya dogara da jerin rsync shi ne hanya ɗaya take bi wajen yanke hukunci a zagayen biyu, a matakin ƙarshe ne kawai take janye hannu. Ba kowace manhaja ce haka ba, kuma bai kamata a ɗauka kalmar gwaji tana nufin abu ɗaya a ko'ina ba. `make -n` yana buga umarnin da zai gudanar ba tare da gudanar da su ba, amma layin da ya fara da `+` ko yake ɗauke da `$(MAKE)` ana gudanar da shi da gaske ko a gwaji. A Ansible, manhajar saita kwamfutoci da yawa a lokaci guda, `--check` yakan tsallake ayyukan `command` da `shell`, tunda ba shi da hanyar sanin abin da za su haifar, don haka matakin da ya dogara da sakamakonsu zai iya nuna abin da ba shi zai faru ba. Wannan matsala ce ta duk aikin da yake hawa hawa: mataki na biyu yana jiran abin da na farko zai samar, na farko kuma ba a yi shi ba. Sannan idan rsync tana cikin wani dogon rubutun umarni, `-n` ita kaɗai ya ɗaure. Layin `rm` da ke sama da ita ko saƙon da ake aikawa a ƙasanta ba su san ana gwaji ba.

Ga wanda ke rubuta tasa manhajar mai bin jerin abubuwan da ke jira, ko saƙonni ne da za a aika, ko asusun da za a rufe, ko tsofaffin bayanai da za a share, darasin ginin a fili yake. A raba yanke hukunci da aiwatarwa. Sashe ɗaya ya karanta halin da ake ciki ya fitar da jeri: wannan abu, wannan aiki, wannan dalili. Sashe na biyu ya karɓi jerin ya aikata. Gwaji shi ne a tsaya bayan na farko.

```
shiri = tsara(masu_jira)
for abu, aiki, dalili in shiri:
    print(abu, aiki, dalili)
    if not gwaji:
        aiwatar(abu, aiki)
```

Abin da nake gudu shi ne manhajar da aka rubuta wa gwaji hanyarsa ta daban, mai kwaikwayon ta gaske. Yau suna daidai, gobe a gyara sharaɗi a ɗaya a manta ɗayar, sai gwajin ya koma faɗin ƙarya cikin kwanciyar hankali, kuma wannan ya fi rashin gwaji muni domin mutum ya saki jiki. A jerin kuma a sa har abubuwan da za a tsallake tare da dalilin tsallakewar, kamar yadda rsync ke nuna fayilolin da ba su canja ba idan an ninka harafin zuwa `-ii`. Wanda ke neman dalilin da ya sa wani abu ya kwana uku a layi ba a taɓa shi ba, a layin tsallakewa zai same shi.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙananan rubuce-rubucen gefe da ba a ɗauke su canji ba. Manhajar ba ta aika saƙon ba, amma ta yi wa abin alamar an gama. Ko ta ciro shi daga layin jira don ta duba shi ba ta mayar ba. Ko ta matsar da lokacin zagaye na ƙarshe gaba, ta yadda aikin gaske zai zo ya tarar babu abin da ke jira. Hanyar kama wannan ba ta da wuya: a gudanar da gwajin sau biyu a jere ba tare da an taɓa komai ba, a kwatanta jerin biyu. Idan na biyu ya fi na farko gajarta, gwajin yana rubuta wani abu a wani wuri, kuma sai an gano wurin kafin a sake dogara da shi.